Daidaita baki da murya a fassarar katun ɗin yara ba tare da an karya Hausa ba

Tambaya: "Malam, an ba ni aikin fassara wani fim ɗin katun na yara daga Turanci zuwa Hausa domin a ɗora masa murya. Na gama rubutawa, amma da muka shiga situdiyo sai maganar ta riƙa fin motsin bakin tsawo, masu murya suna ta sauri kamar ana korarsu. In kuma na rage kalmomi, sai Hausar ta fito a guntule, ba daɗin ji. Yaya zan yi baki ya dace, magana kuma ta zauna?"

Amsa: Ɗan'uwa, abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka ajiye takardar Turancin nan a gefe, ka kashe sautin fim ɗin, ka zauna ka kalli bakin kawai. Ma'anar kowace magana ka riga ka san ta tun da ka fassara, abin da ya rage maka shi ne sanin filin da aka ba ka, wato inda baki ya buɗe, inda leɓɓa suka haɗu, inda aka dakata, da irin siffar da bakin ya ƙare da ita. Wanda yake rubutu yana kallon jimlar Turanci zai yi ta ƙoƙarin cusa ta cikin Hausa kalma bayan kalma, wanda kuwa yake kallon baki zai tambayi kansa abin da yaron Bahaushe zai faɗa a cikin wannan ɗan lokaci idan shi ne abin ya sama. Tambaya ta biyun ita ce take haifar da rubutun ɗora murya, ta farkon kuwa fassarar littafi take haifarwa.

Kafin ka auna komai, ka tabbatar da gudun hoton da aka ba ka. Fim ɗin silima yana tafiya ne a kan hotuna 24 a kowane sakan, talabijin ɗinmu a Nijeriya da Nijar kuwa 25 ne, kuma kowane hoto ɗaya shi ake kira firam. Idan ka yi awonka a kan kwafin 24 aka zo aka naɗi murya a kan na 25, kowace magana ta matse da kusan kashi 4 cikin 100, abin da ba a ji a jimla ɗaya amma yana taruwa ya ɓata fage guda. A lissafin da zan yi a nan gaba na ɗauki 25, inda firam ɗaya yake daidai da kashi ɗaya cikin 25 na sakan. Ka kuma dubi irin zanen. Katun da aka yi a Amurka yawanci ana fara naɗar murya ne sannan a zana baki ya bi ta, saboda haka za ka ga siffofin baki daban-daban, akwai na rufewa, na zumɓurawa, na wangalewa da na yaƙe. Yawancin katun ɗin talabijin na Japan kuwa siffa uku ake juyawa, rufaffe, rabin buɗe da buɗaɗɗe, kuma a can tsawon magana da wurin dakatawa kaɗai za su dame ka. Na farkon shi ne mai wahala, shi ne kuma nake zaton yana hannunka.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu fara wannan aiki shi ne ƙirga gaɓoɓi. Mutum zai ce jimlar Turanci gaɓa takwas ce, bari in nemo gaɓa takwas ta Hausa, ya samu, ya yi murna, a je situdiyo a tarar ba ta shiga ba. Dalili shi ne gaɓoɓin Hausa ba tsawonsu ɗaya ba. Akwai gaɓa marar nauyi, wadda baƙi ne da gajeren wasali, kamar "ki" a cikin "ki zo". Akwai kuma mai nauyi, wadda ko dai wasalinta dogo ne, kamar "zo", ko auren wasali ne kamar "kai", ko kuma baƙi ne ya rufe ta, kamar "bar" da "nan". Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido yake yaudarar marubuci: "gari" da ake zama a cikinsa da "gari" da ake tuƙa tuwo da shi harufansu ɗaya, amma na biyun ya fi na farkon ɗaukar lokaci, domin gaɓarsa ta farko doguwa ce. Haka "ya" a cikin "ya zo jiya" doguwa ce, amma a cikin "lokacin da ya zo" gajeriya ce. Mawaƙanmu na rubutacciyar waƙa sun daɗe da sanin wannan, tun da a kan nauyin gaɓa suke gina karin waƙa, mu masu ɗora murya ne muka makara wajen aronsa.

Ma'aunin da ni kaina nake aiki da shi, ga muryar yaro mai magana ba gaggawa, shi ne firam 3 ga gaɓa marar nauyi, firam 5 ga mai nauyi. Wannan ƙiyasi ne na aiki, ba doka ba ce, kuma ya kamata ka gyara shi da bakin wanda zai yi maka muryar: ka sa shi ya faɗi jimla biyar ko shida cikin halin ɗan wasan da zai hau, ka auna, ka fitar da naka lissafin. Tsohuwar kunkuru ba za ta yi gudun ɗan bera ba. Amfanin ma'aunin shi ne ka gane tun kana kan teburinka cewa jimla ba za ta shiga ba, maimakon ka gano hakan ana biyan kuɗin situdiyo.

Abu na biyu shi ne sanin abin da idon mai kallo yake kamawa, domin ba kowane motsin baki ne ake lura da shi ba, kuma wanda ya ce sai ya bi kowanne zai ƙare da Hausar da babu mai yin ta. Ido yana kama farkon magana, yana kama ƙarshenta, yana kama dakatawar da ke tsakiya, sannan yana kama haɗuwar leɓɓa da zumɓurar baki idan an matso da fuska kusa kuma siffar ta ɗan jima. Sauran motsin da ke tsakani, wanda baki yake buɗewa yana rufewa da sauri, kusan kowace magana za ta hau shi. Akwai kuma bambanci tsakanin riga da makara. Ma'aunin da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar ya nuna cewa mai kallo yana fara lura idan sauti ya riga hoto da kimanin kashi 45 cikin dubu na sakan, amma idan sautin ne ya makara sai ya kai kimanin kashi 125 kafin a lura. A harshen aikinmu, kana da rangwamen firam ɗaya ne kacal idan ka riga baki, kana da kusan uku idan ka biyo bayansa. Saboda haka duk lokacin da dole ta sa za ka kauce, to ka kauce ta baya, kada murya ta fito baki yana rufe.

Bari in kawo maka magana guda daga wani aiki da na yi, domin lissafin ya fito fili. Wani ɗan zomo ne a bakin rafi, uwarsa ta tsallaka, shi kuma ya kasa, an matso da fuskarsa ta cika allo. A lambar lokaci mai nuna awa, minti, sakan da firam, maganar ta fara a 00:14:08:05 ta ƙare a 00:14:10:15, wato firam 60. Da na bi ta firam bayan firam sai na ga kashi uku ce. Kashin farko firam 14 ne, kira ne ga uwa, leɓɓa sun haɗu sau biyu. Sai shiru na firam 8 yana haɗiyar kuka. Sai kashi na ƙarshe mai firam 38, wanda ya fara da leɓɓa a haɗe, suka sake haɗuwa a wajen firam na 18, sannan daga firam na 30 bakin ya zumɓure ya tsaya haka har ƙarshe. Ma'anar ita ce yana roƙon ta kada ta tafi ta bar shi, ta komo.

Kiran bai ba ni wahala ba. "Inna" ba ta haɗa leɓɓa ko kaɗan, "Umma" tana haɗa su sau ɗaya mai tsawo, "Mama" kuwa sau biyu, daidai da hoton, kuma kira ne, ana iya jan sa ya cika firam 14 ba tare da kowa ya ji baƙon abu ba. Matsalar tana kashi na ƙarshe. Fassarar farko da ta zo mini ita ce "don Allah kada ki bar ni a nan ni kaɗai, ki dawo". Hausa ce mai kyau, amma gaɓa 16 ce, tara masu nauyi, bakwai marasa nauyi, jimla firam 66 a filin da bai wuce 38 ba. Irin wannan jimla ce take sa mai murya gudu kamar ana korarsa, kuma laifin ba nasa ba ne. Na rage ta ta koma "kar ki bar ni, ki dawo", wadda ta tsaya a firam 32 idan an ja "wo" ta cika zumɓurar ƙarshe. Yanzu ta gaza da firam 6, kuma akwai abin da ya fi wannan muni: "kar" tana fita da baki a buɗe a daidai inda zomon ya haɗa leɓɓa, "bar" kuma tana haɗa leɓɓa a firam na 8, inda bakinsa yake a wangale. Tsawon ya kusa, amma duk wanda ya kalla zai ji a jikinsa cewa muryar ba daga wannan bakin take fitowa ba.

Abin da ya warware ta shi ne sauya ginin jimlar ba sauya kalma ba. Na bar hani na koma kore, na rubuta "ba na so ki bar ni, dawo". "Ba" ta hau haɗuwar leɓɓa ta farko, "ba na so ki" ta cinye firam 18 cif, sai "bar" ta sauka a kan haɗuwa ta biyu, "wo" kuma ta fara a firam na 31, firam ɗaya bayan zumɓurar. A lissafi babu abin da ya fi wannan. Muka naɗa, muka kunna, sai matar da take yin muryar uwar zomon, wadda uwa ce mai 'ya'ya, ta ce daga inda take zaune: "Malam, wannan yaron umarni yake ba uwarsa, ba roƙo ba ne." Gaskiyarta. "Dawo" tsurarta magana ce ta babba ga ƙarami ko ta sa'a ga sa'a, yaron da ke roƙon uwarsa "ki dawo" zai ce. Ƙara "ki" ya tura "wo" zuwa firam na 34, makarar firam 4, ta ɗan haura abin da ido yake yafewa. Sai yarinyar da ke yin muryar zomon ta haɗe "ni ki" a numfashi ɗaya kamar yadda mai firgici yake yi, muka samo firam biyu, jelar "wo" kuma ta ɗan zarce cikin hoto na gaba, inda bayan uwar ake nunawa ba bakin ɗan ba. Na zaɓi jimlar da ta fi rauni a lissafi, kuma har yau ina ganin daidai na yi, domin yaron da ke kallo ba zai taɓa gane makarar firam biyu ba, amma zai gane ɗan da ya yi wa uwarsa tsawa.

Wannan misali ya nuna wata dukiya da Hausa ta ba mu wadda masu fassara ba su cika amfani da ita ba. Kore a Hausa yana zuwa da "ba", sau da yawa a farko da ƙarshe, wato haɗuwar leɓɓa biyu kyauta: "ban sani ba", "bai zo ba", "ba ni ba ne". Sannan akwai 'yan ƙananan kalmomin nan da suke ba magana ɗanɗano, "fa", "ma", "mana", "kam", "dai", "kuwa", waɗanda suke cike gurbin firam uku zuwa shida kuma huɗu na farkon suna kawo leɓɓa kusa. Sai dai kowace da aikinta. "Zo mana" lallashi ne ko ƙosawa, "zo fa" gargaɗi ne, "zo dai" rarrashin mai shakka ne, kuma wanda ya riƙa zuba su don cike fili kawai zai wayi gari kowane ɗan wasa a fim ɗin yana magana iri ɗaya. Haka nan akwai tagwayen kalmomi, doguwa da gajeriya, da za ka riƙa sauyawa gwargwadon fili: "kada" da "kar", "idan" da "in", "saboda" da "domin" da "don", "me ya sa" da "don me". Gajerun sun fi zama a bakin yara, dogayen kuma ka ajiye wa sarki, malami ko kaka.

Akwai kuma haɗuwar leɓɓa da rubutu yake ɓoyewa. Duk inda "n" ta zo kafin "b", "ɓ", "m" ko "f", baki yana mayar da ita "m". Muna rubuta "zan ba ka" amma "zam ba ka" muke faɗa, muna rubuta "gidan biri" muna faɗin "gidam biri". Wannan yana tsawaita rufewar, saboda haka ya dace da wurin da hoton ya riƙe leɓɓa a haɗe na firam uku ko huɗu. Akasin haka kuma yana faruwa a ƙarshen kalma: "kullum", "mutum" da "malam" a rubuce da "m" suke ƙarewa, amma da yawa daga cikinmu ta hanci muke ƙarasa su ba tare da leɓɓa sun haɗu ba. Idan ka zaɓi "kullum" don ta rufe maka baki a ƙarshen jimla, sai ka rubuta wa mai murya a gefe cewa ya rufe ta sosai. Ka kuma kula da "f". A bakin Bakano da leɓɓa biyu ake yin ta, tana iya tsayawa a madadin rufewa mai sauri, amma mai murya daga Sakkwato, Katsina ko Maraɗi yana iya cewa "tahi" da "hita" a inda ka rubuta "tafi" da "fita", rufewar da ka dogara da ita ta ɓace. Wannan ba aibi ba ne a karin harshensa, abin da ake bukata shi ne ka san wanda zai hau kowane ɗan wasa kafin ka kammala rubutu.

Ƙarshen jimla shi ne inda Hausa da Turanci suka fi saɓawa. Kalmomin Turanci da yawa da baƙi suke ƙarewa, namu kuwa kusan duk da wasali, saboda haka za ka yi ta haɗuwa da bakin da ya rufe alhali kalmarka a buɗe take. Yawanci ba komai, in dai muryar ta tsaya tare da bakin. Inda ake shan wahala shi ne bakin da ya tsaya a buɗe ko a zumɓure na tsawon lokaci, domin ba kowane wasalin ƙarshe ne yake jawuwa ba. Gajeren wasali a ƙarshen magana a datse yake fita, maƙogwaro yana tsinke shi, shi ya sa "tafi" da "gudu" ba sa son a ja su, in an matsa sai su yi kama da waƙa. Aikatau masu ƙarewa da "o" kuwa, irin su "zo", "taho", "dawo", "fito", "sauko", "kawo", dogaye ne kuma a zumɓure, su ne maganin wannan wuri. Kalmar ƙi ta Turanci, wato "no", wadda gaɓa ɗaya ce mai zumɓura baki kuma ta cika finafinan yara, ita ce ta fi kowace ba da ciwon kai, tun da "a'a" tamu gaɓa biyu ce da baki a buɗe. Kada ka nace wa "a'a". Ka dubi abin da ke faruwa: idan firgici ne ko baƙin ciki, "wayyo" ce, idan hani ne ga ƙarami, "kul" ce, idan musu ne kuma fuskar tana nesa, "ina" ko "haba" sun fi "a'a" rai.

Yanzu ga ɓangaren zaman magana, wanda a ganina ya fi daidaita baki muhimmanci ga yara. Turanci yana tafiya ne da dannawa a kan wasu gaɓoɓi, masu zane kuma suna ɗora gyaɗa kai, ɗaga gira ko nuni da hannu a kan waɗannan wurare. Hausa ba ta da irin wannan dannawa, da karin sauti da nauyin gaɓa take tafiya. Idan mai murya ya daɗe yana sauraron muryar asali a kunnensa, sai ya fara danna Hausa a inda Baturen ya danna, karin sautin ya karye, "kuka" na hawaye ya koma "kuka" ta miya, tambaya ta riƙa tashi sama a ƙarshe irin tashin da ba namu ba. Alamar da za ka gane wannan ita ce kalmomin duk daidai suke amma maganar tana yi maka kama da ta wanda ya koyi Hausa da girma. Abin da nake yi shi ne in bar mai murya ya saurari asalin sau biyu domin ya kama halin, sannan in cire masa shi gaba ɗaya, ya bi hoto da ƙarar da ke nuna masa lokacin shiga kaɗai. A rubutu kuma, a wurin da aka gyaɗa kai ko aka buga ƙafa, ina ajiye gaɓa mai nauyi ko amsa-kama. Zomon da ya yi tsalle ya faɗa rami "zuruf" ya yi, wanda ya cafke abu "caraf" ya yi, wanda aka tsorata ya yi "tsit". Kalma ɗaya irin wannan tana ɗaukar abin da Turanci ya kashe kalmomi huɗu a kansa, kuma yaran da suka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ita kunnensu ya saba.

Nuni da hannu yana da tasa dabarar. Idan ɗan wasa ya nuna ruwa a farkon maganarsa, "ina tsoron ruwa" za ta kawo ruwan a ƙarshe bayan hannu ya sauka, amma "ruwan nake tsoro" ta kawo shi a kan hannun, kuma Hausa ce tsantsa. Gabatar da abin da ake nufi zuwa farkon jimla hanya ce da harshen ya ba ka ta matsar da kalma ba tare da ka murɗe shi ba. Dakatawa kuma dole ta faɗa a inda Bahaushe yake iya numfasawa. Ba a tsayawa tsakanin "ya" da aikatau ɗinsa, ba a tsayawa tsakanin "gidan" da mai gidan, ba a raba "ba" ta ƙarshe da jimlarta. Idan hoton ya yi shiru a wurin da zai tsaga maka jimla haka, to ka mayar da ita gajerun jimloli biyu, ko ka sa kira ko motsin rai a kashin farko, kamar "Yaya" ko "kash" ko "af", ainihin maganar ta zo bayan shirun.

Game da takardar da za ka miƙa wa masu murya, kowace magana ta zo da lambar lokacin shiga da ta fita, ka sa alama a wurin dakatawa, ka ja layi ƙarƙashin gaɓar da take kan haɗuwar leɓɓa. A wuraren da za a iya ruɗewa ina ninka wasali a takardar aiki kawai, in rubuta "yaa tafi" domin kada a karanta ta da ma'anar a bar shi ya tafi. Ga kowace magana da aka matso da fuska ina zuwa da jimla biyu ko uku a shirye, doguwa da gajeriya. Ka kuma yi hattara da dogaro da edita ya ja ko ya matse murya da na'ura. Gyaran firam ɗaya ko biyu a jimla ba ya cutarwa, amma idan aka matse da yawa dogon wasali yana gajarcewa, kuma a harshen da tsawon wasali yake bambanta gari da gari, wannan taɓa ma'ana ne ba taɓa sauti kaɗai ba.

Waƙoƙin fim ɗin ka bar su zuwa ƙarshe, kuma a can kiɗa ne shugaba, baki yana biye. Inda aka ja sauti ka sa gaɓa mai nauyi, inda ake gudu ka jera marasa nauyi, ka yarda ma'ana ta ɗan kauce in dai yaro zai iya rerawa. Idan ka gama fage guda, ka kunna shi ga yara uku ko huɗu 'yan shekara shida zuwa tara ba tare da ka gaya musu abin da kake nema ba, ka zauna a gefe inda kake ganin fuskokinsu. Jimlar da suka maimaita da bakinsu bayan an wuce ta, ka bar ta yadda take ko da lissafinta bai cika ba. Wurin da ɗaya ya juyo ya tambayi ɗan'uwansa "me ya ce?", ka rubuta lambar lokacinsa, domin kusan kullum za ka tarar jimla ce da ka cusa mata nauyin da ya fi filinta, ita ce kuma za ka fara sake rubutawa gobe.